Yadda ake duba sabon gida kafin a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa

A Katsina yawancin gine-gine da rani ake kammala su, tsakanin ƙarshen hunturu da bazara, lokacin da babu ko ɗigon ruwa a sama. Wannan shi ne babban abin da ke cutar masu gida. Ɗan kwangila zai kira ka ya ce aiki ya ƙare, ka zo ka tarar da fenti yana ƙyalli, tayil an goge, get yana sheƙi, ka yi hamdala ka tura masa cikon kuɗinsa. Sai ruwan Yuli da Agusta ya sauko, sili ya fara taswira, gindin bango ya jiƙe, tsakar gida ta zama tafki. A lokacin shi kuma yana can kan wani aikin a Daura ko Funtuwa, kira goma ba ya ɗaga ɗaya.

Ba duka 'yan kwangila ne macuta ba, da yawansu mutanen kirki ne. Amma ko mutumin kirki ya fi saurin dawowa gyara idan da sauran kuɗinsa a hannunka. Saboda haka dubawar nan kafin biyan ƙarshe ake yin ta, kuma ba da ido kaɗai ba. Gida da ruwa ake gwada shi, da wuta, da ƙwanƙwasa. Abin da damina za ta yi wa gidan, kai ne za ka fara yi masa da tiyo da bokiti.

Shirin da za ka yi kafin ranar

Ka ware kwana biyu a jere, domin gwaji biyu daga cikin masu muhimmanci sai sun kwana. Ka sanar da ɗan kwangila tun da mako guda, ka ce kana son ranar ya kasance a wurin da kansa, tare da mai aikin famfo da mai wayarin. Ka ce a share gidan a kwashe tarkace, a cika tanki da ruwa, a kuma tanadi janareta idan ba a riga an ja wuta ba. In aka ce maka babu ruwa a wurin, ka sayi na 'yan garuwa ko na tanka. Kuɗin ruwan nan bai kai kuɗin buhun siminti biyu ko uku ba, kuma in babu shi rabin dubawar ba za ta yiwu ba.

Ka zo da wanda ya san gini amma ba shi da hannu a wannan aikin, injiniya ko tsohon magini da ka yarda da shi, ka biya shi ladan yininsa. Kada ka ɗauko abokin ɗan kwangilar, kada kuma ka ɗauko abokin hamayyarsa da zai kushe komai don a ba shi aikin. Ka zo da uwargida in da hali. Ita za ta lura cewa wurin wanke-wanke ya yi ƙasa, ko babu soket kusa da inda firij zai tsaya, ko kuma mai wucewa a layi yana iya hango tsakar gida ta tagar falo.

Kayan aikin ba su da yawa: tsani, tocila mai haske sosai, tef na awo, lebul, tiyo mai tsawo, bokiti, alli, testa ta wuta, cajar waya, ɗan guntun rodi ko babban makulli na ƙwanƙwasa, littafi da biro. Sai takardun aikin, wato zanen gidan, da yarjejeniyar da kuka rubuta, da jerin kuɗin da ka riga ka biya. Duk canjin da aka yi ana cikin aiki, kamar ƙara bayi ko mayar da taga ƙofa, ka tuno shi ka rubuta tun a gida, domin a nan gardama take yawan tashi.

Ka fara da safe. Duban yamma ko na hasken ƙwan lantarki yana ɓoye tudu da kwarin bango.

Rana ta farko: fara da abin da zai kwana

Da isarka, kafin ka shiga zagaye, ka ɗana gwaji biyu.

Na farko na bututun ruwa ne da aka binne a bango da ƙasa. A cika tanki, ka hau da kanka ko wanda ka zo da shi ya hau, a sa alama daidai inda ruwan ya tsaya. A buɗe hanyar ruwa zuwa cikin gida, a bar kowane famfo ya zuba na ɗan lokaci don iska ta fita, a cika tankunan masai, sannan a rufe komai a sake duba alamar. Daga nan kada kowa ya taɓa ruwan tankin sai gobe, ruwan sauran gwaje-gwajen daga duro ko tanka za a ɗebo shi. In ka dawo ka tarar ruwan ya sauka da yatsa biyu ko uku alhali ba a buɗe famfo ba, akwai inda yake zurarewa. Galibi a mahaɗar bututu ne da ba a sa wa gam sosai ba, ko inda mai tayil ya huda bututu da ƙusa ya yi shiru.

Na biyu na daɓen bayi ne. A toshe magudanar ƙasa da tsumma a cikin leda, a zuba ruwa har ya rufe daɓen da kamar santimita 2, a sa alamar alli a jikin bango. Wannan gwajin wajibi ne a gidan bene, domin bayin sama yana iya ɗiga a kan ɗakin ƙasa. A gidan ƙasa ma yana da amfani, tunda ruwan da ya ratsa ta tsakanin tayil bangon ɗakin kwana yake bi.

Bayan nan sai rufi, kuma a nan nake so ka fi daɗewa.

Ka shiga cikin sili da rana tsaka ta ƙofar da aka bari. Idan ba a bar ƙofar shiga sili ba, wannan kansa aibi ne, ka rubuta shi. Ka taka kan katako kawai, kada ka taka silin. Ka kashe tocila ka ɗaga kai. Duk inda ka ga ɗigon haske ya ratso, ramin ƙusa ne da aka buga aka kuskure katako aka zare, kuma inda haske ya shigo ruwa zai shigo. Ka kunna tocila ka dubi katakon: an shafa masa maganin gara ko fari ne fes? Akwai wanda ya tsage ko ya lanƙwashe? Sannan ka dubi inda katakon ya zauna a kan bango. Dole ne a ga an ɗaure shi da rodi ko ƙarfen ɗauri da aka dasa cikin kankaren saman bango. Iskar farkon damina a ƙasar Katsina da Daura ba ta da wasa, kowace shekara sai ta yaye rufin gidaje da makarantu, kuma rufin da aka aza shi kawai bisa bulo da 'yan ƙusoshi shi ne ke fara tashi.

Ka hau sama ka ga kwanon. Ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma kowace da 'yar robarta. Ka nemi ragowar kwanon da aka yanke ka sa a auna kaurinsa, ko a nuna maka rasit. In kun yi magana a kan mai kaurin milimita 0.55 aka kawo 0.45, ido ba zai gane ba daga ƙasa, amma bambancin kuɗinsu a rufin gida guda ba kaɗan ba ne.

Gidajen yanzu da yawa rufin ɓoye ake yi musu, wato a ɗaga bango ya rufe kwanon, ruwa ya taru a kwatar kankare ya fita ta indararo ko bututu. Yana da kyau a ido, yana kuma kare kwano daga iska, amma shi ya fi kowane rufi yoyo. Wurare uku za ka duba. Inda kwano ya haɗu da bango, a ga an sa faifan da ya shige cikin bangon ya lulluɓe bakin kwanon, ba siminti kawai aka manna ba, domin kwano yana miƙewa da zafi yana komawa da sanyi, simintin kuwa tsagewa zai yi. Sai cikin kwatar, a ga an gangarar da ita zuwa mafita an kuma shafe ta da abin hana ruwa. Sai mafitar kanta, a ga tana da faɗi kuma ba ɗaya tilo ba ce ga dogon rufi. Leda guda ta isa ta toshe ƙaramin bututu, ruwa ya cika kwata ya koma cikin sili.

Yanzu a kawo tiyo. Mutum ɗaya a sama, ɗaya a cikin sili da tocila. A fara zuba ruwa daga ƙasan gangaren rufin, a daɗe kamar minti 15 a wuri guda, sannan a matsa sama. Dalilin farawa daga ƙasa shi ne in yoyo ya bayyana ka san daidai inda ya fito. In ka fara daga ƙololuwa, ruwan zai bi ko'ina, ka ga ɗiga amma ba ka san mafarinta ba. A ƙarshe a juye bokiti uku ko huɗu a lokaci guda cikin kwatar, a ga ko za ta kwashe su nan take ko ruwan zai tsaya.

Ƙasa da bango

Ka sauko ka ɗauki guntun rodinka. Kowane tayil za ka ƙwanƙwasa a hankali, tsakiya da kusurwa huɗu. Wanda ya zauna sosai sautinsa a dunƙule yake, wanda ƙarƙashinsa rami ne kuwa zai yi amo kamar ganga. Abin da ke jawo haka shi ne mai tayil ya ɗiga siminti gudu-gudu a wuri biyar ya dafa tayil a kai maimakon ya shimfiɗe ƙasan duka, ko ya bar kwaɓin ya sha iska kafin ya aza. Irin wannan tayil ƙafar gado ko ta kujera ce ke fasa shi. Duk wanda ya yi amo ka ja masa gicciye da alli ka ƙirga. Aikin yana da gajiya, falo ɗaya zai iya cin rabin awa, amma kada ka yi tsallake.

Haka za ka bi filastar bango da ƙwanƙwasa, musamman gefen ƙofofi da tagogi da inda aka fasa aka binne bututun waya. Ka goga babban yatsanka da ƙarfi a wurin da fenti bai kai ba, kamar bayan katanga. In yashi yana zubowa, an yi rowar siminti ko ba a ba shafen ruwa ba bayan an yi shi. Da zafin bazara, shafen da bai sha ruwa na kwanaki ba ƙonewa yake yi.

Tsagewar bango iri biyu ce, kuma ya kamata ka bambance su don kada ka tayar da hankali a banza ko ka yi sakaci da abin tsoro. Siraran tsagu kamar gashi da suka bazu a fuskar shafe na bushewa ne, a cike a sake fenti ya wadatar. Wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta yi karkace, ko ta bi layin bulo hawa-hawa, ko ta fito a ciki da waje a wuri guda, ko bakinta ɗaya ya fi ɗaya faɗi, wannan magana ce ta tushe ko linta. In faɗinta ya kai milimita 3, kada ka yarda a shafe ta a rufe. Ka ja layi a ƙarshenta ka rubuta kwanan wata a jikin bangon, injiniya ya gani kafin a taɓa. Ka kuma lura da wurin da fentinsa ya fi na kewaye sabunta, ka tambayi abin da aka rufe a wurin.

Sai ka fita waje ka tsuguna ka dubi gindin ginin. Daɓen cikin gida ya kamata ya ɗara ƙasar tsakar gida da aƙalla santimita 15, tsakar gida kuma ta ɗara layi. A sababbin unguwannin bayan gari, inda ba a riga an yi titi da lambatu ba, wannan ya fi muhimmanci, domin ranar da aka zo yin titi ciko za a yi, layin ya ƙara tudu. Ka zuba bokiti biyar a tsakiyar tsakar gida ka tsaya ka ga inda ruwan zai nufa. In ya nufi ƙofar kwata ya fita, madalla. In ya kwanta ko ya juyo gindin bango, ka zagaye wurin da alli. Ka kuma tabbatar ruwan gidanka ba cikin filin maƙwabci yake zuba ba, domin filin da yake fili yau gobe gida ne.

Rana ta biyu: bayi, masai da sokawe

Ka fara da alamomin jiya. Ka duba tanki. Ka duba ruwan da ka tsare a bayi, sannan ka zagaya bayan kowane bangon bayin ka shafa da tafin hannu, ka nemi danshi ko duhun fenti. Daga nan ka cire tsumman ka tsaya kallo. Ruwan duka ya kamata ya tafi magudana cikin 'yan mintuna. Daɓen bayi yana bukatar gangare na santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. In ruwa ya rage a wata kusurwa, ko ya nufi ƙofa, ba gyaran tsintsiya ba ne, sai an ɗaga tayil an sake gangaren.

A buɗe murfin kowace cemba a waje, wato ɗan ramin da ruwan masai ke bi kafin ya kai sokawe. Mutum ɗaya ya tsaya a kanta, kai kuma ka jefa 'yar takardar bayi a masai ka ja ruwa. Ya kamata ya ga ruwan ya iso da ƙarfi tare da takardar ya wuce. In ruwan ya iso a sanyaye takardar ta maƙale, ko ya tsaya a cikin cembar, bututun ba shi da gangare ko siminti ya zuba a ciki lokacin aiki. Bututu mai inci 4 ana ba shi gangaren kusan ɗaya cikin arba'in, wato a kowace mita 4 ya sauka da santimita 10. Ka girgiza masan da hannu ka ji ko yana motsi. Ka duba ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu da na wanke-wanke, ka ga akwai lanƙwasar nan da ke riƙe ruwa tana tare wari, ka sa busasshiyar takarda a ƙasa ka bar famfo yana zuba, ɗigo ɗaya zai nuna. Ka tabbatar an fitar da bututun iska na masai ya wuce saman rufi, ba a bakin taga ya tsaya ba.

Ka sa a buɗe sokawe ka leƙa da tocila daga sama, kada kowa ya shiga. Sau da yawa ana barin katakon da aka yi dekin murfin da shi a ciki, ko a mayar da ramin juji na fasassun bulo. Sannan ka ɗauki tef ka auna tsakaninsa da rijiya ko bohol, naka da na maƙwabta. Kada ya gaza mita 15, in ya kai 30 ya fi. A fili mai ƙafa 50 da 100 wannan yana nufin ɗaya a gaba ɗaya a can baya. In an riga an haƙa su kusa da juna, ka sa a gwada ruwan kafin iyalinka su fara sha.

Wuta

Nan aikin mai wayarin ne, amma ka tsaya a kansa, kuma ya fi kyau wanda ka zo da shi ya duba. A buɗe akwatin bireka. Fitilu da layinsu, soket da nasu, kowace na'urar sanyaya ɗaki da hita da nata. A kashe bireka ɗaya bayan ɗaya a ga abin da ya mutu, a rubuta a manna a jikin murfin. Bayan an kashe wutar gidan gaba ɗaya, a kwance soket biyu ko uku da kai ka zaɓa, ba waɗanda aka nuna maka ba. Waya uku za ka gani a ciki, har da koriya ta ƙasa, kuma ka nemi a nuna maka inda aka kafa sandar da take sauka. Kaurin waya a rubuce yake a jikinta: 1.5 ta fitila ce, 2.5 ta soket, 4 ta na'urar sanyi da hita. In ka ga 1.5 a soket, ka ɗauka sauran ma haka suke har sai an nuna maka akasin haka. Wannan ba aibin da ake yafewa ba ne, shi ne ke kawo gobara.

Sannan a mayar da wuta a kunna komai a lokaci guda, fitilu da fankoki da famfon tura ruwa, a jona dutsen guga, a bar su rabin awa. Ka bi soket da cajarka ɗaya-ɗaya. Ka taɓa murfin makunnai da na akwatin bireka ka ji ko suna ɗumi, ka shinshina ko akwai ƙaurin roba. A gwada abin sauya layi tsakanin wutar KEDCO da janareta ko sola. Ka kuma tambayi yadda aka samu wutar da aka yi aiki da ita, kada ka gaji bashi ko haramtaccen jonin da ba ka san da shi ba.

Ƙofofi da tagogi ba sa cin lokaci. Ka buɗe kowace ka rufe, ka murɗa makulli, ka sake ta a rabi ka ga ko za ta tafi da kanta. Ka rufe taga ka duba ko haske yana shigowa ta gefe, domin nan ƙurar hunturu za ta bi. Ka watsa mata ruwa daga waje. Ka jijjiga ƙarfen taga da ƙarfi.

Yadda ake rubuta aibin

Kada ka rubuta "bayi ba shi da kyau". Kowane aibi lamba ɗaya, da wurinsa, da abin da aka gani, da gyaran da ake so. Ka rubuta lambar da alli a wurin, ka ɗauki hotonta. Ka raba su gida uku: na ɗaya waɗanda suka shafi rai ko ƙarfin gini ko shigar ruwa, ba a tarewa sai an gyara, na biyu waɗanda ba su dace da yarjejeniya ba ko za su lalace da wuri, na uku na kwalliya.

A ce gida ne mai ɗaki uku da falo a bayan gari ta hanyar Dutsin-ma, an gama shi a watan Maris. Takardar za ta iya fitowa kamar haka:

1. Rufi, kwatar gabas: ruwa yana tsayawa, yana ɗiga cikin silin ɗakin uwargida. A sake gangare, a shafa abin hana ruwa, a ƙara mafita. Aji na ɗaya.
2. Rufi, saman falo: ramin ƙusa 6. A toshe. Aji na ɗaya.
3. Soket na kicin da na falo: waya 1.5 ce, babu ta ƙasa. A zare a sa 2.5 da koriya. Aji na ɗaya.
4. Tanki ya sauka da santimita 5 a dare, bangon bayan bayin baƙi ya jiƙe. A fasa a gyara mahaɗa, a sake gwaji. Aji na ɗaya.
5. Falo: tayil 19 cikin 84 suna amo. A ɗaga a sake. Aji na biyu.
6. Bayin maigida: ruwa yana nufar ƙofa. A sake daɓe. Aji na biyu.
7. Cemba ta biyu: ruwa yana kwanciya. A buɗe layin a gyara. Aji na biyu.
8. Ƙofar ɗakin yara tana gogar ƙasa, makullin kicin ba ya shiga. Aji na uku.
9. Fenti ya ɗiga a gilashin tagogi 4. A kankare. Aji na uku.

A lamba ta 5 akwai abin lura. Tayil 19 cikin 84 ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ɗaga su yakan fasa wasu. Kafin a taɓa, a tabbatar akwai ragowar irinsa, domin tayil na wannan zubin yakan ƙare a kasuwa, wanda za a samu daga baya launinsa ya ɗan bambanta. In babu, ku yi magana tun yanzu a kan wanda zai ɗauki kuɗin sake falon.

A ƙasan takardar a rubuta ranar da za a gama gyara, ku sa hannu ku biyu da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi.

Lissafin kuɗin

A ce kwangilar naira miliyan 20 ce, ka biya 17, saura 3. A manyan kwangiloli al'ada ce a riƙe kashi 5 cikin 100 na tsawon wata shida bayan miƙa gini, kuma babu abin da ya hana mai gida ɗaya ya yi haka, sai dai ya fi kyau a ce tun farko an rubuta shi. Kashi 5 na miliyan 20 miliyan 1 ne. Wanda ka zo da shi ya ƙiyasta gyaran da ke takarda, a ce ya kama naira 600,000. To yau za ka iya biyan miliyan 1 da 400,000. Naira 600,000 tana fita ranar da aka gama gyara ka sake gwadawa da kanka, da tiyo da bokiti kamar farko. Miliyan 1 kuma tana jira.

Ɗan kwangila zai ce maka, "Haba Alhaji, yara ba a biya su ba, kuma mun zama ɗaya." Maganar yaran gaskiya ce sau da yawa, kuma haƙƙin lebura ba abin wasa ba ne. Shi ya sa ba na goyon bayan mai gida ya riƙe miliyan 3 gaba ɗaya saboda gyaran 600,000. Ka ce masa, "Malam, ga wannan a sallami masu aiki yau, in kana so a gabana. Sauran na nan, ba zan ci maka ko kwabo ba, ga shi a rubuce." In tun farko ba ku yi maganar riƙe kashi 5 ba, kada ka ɗora masa shi da ƙarfi. Ku zauna da shaidun ku daidaita a kan abin da zai iya, ko da rabi ne.

Ranar karɓar makullai ka karɓi duka kwafinsu, ka canza na get da na ƙofar shiga. Ka karɓi zanen da hukumar tsara birane ta amince da shi in yana hannunsa, da rasit na tanki da famfon tura ruwa da kwano, da ragowar tayil da fenti. Ka sa mai famfo da mai wayarin su nuna maka hanyar da bututu da waya suka bi a bango, ka zana a takarda, ka karɓi lambobinsu.

Wata shida daga Maris ya kai ka Satumba, wato gidan ya sha ruwan Agusta. In kuwa a Nuwamba aka miƙa maka, wata shida zai ƙare a Mayu kafin ruwa ya zauna, don haka kada ku rubuta adadin watanni, ku rubuta "ƙarshen Satumba". Bayan kowane babban ruwa ka shiga ɗakunan ka ɗaga kai, ka zagaya gindin bango, ka duba layin da ka ja a bakin tsaga ko ta wuce shi, ka ɗauki hoton abin da ka gani ka tura wa ɗan kwangila a ranar. Abin da ya fito ya gyara, ko a cire kuɗinsa daga miliyan ɗayan da saninsa, ragowar ka ba shi a ranar da kuka rubuta.